Yadda Ake Yi wa Aboki Ta'aziyyar Rasuwar Mahaifiyarsa, da Baki da kuma a Rubuce

Na yi wannan bayani ne domin matashin da abokinsa ya rasa mahaifiya, ya tashi zai tafi gaisuwa, amma yana fargabar kada ya isa ƙofar gidan ya rasa abin faɗa. A unguwannin Jos da na zauna, daga Gangare zuwa Anguwan Rogo, na je gaisuwar mutuwa sau ba adadi, kuma ni ma an zo mini tawa lokacin da Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa, saboda haka na san zaman mai gaisuwa, na kuma san zaman wanda ake gaisarwa. Mai zuwa ta'aziyya ba ya buƙatar ƙirƙiro magana, domin kalmomin suna nan, magabata sun riga sun tsara su. Aikinka shi ne ka san jerinsu, ka faɗe su ga wanda ya dace a lokacin da ya dace, sannan ka ƙara abu ɗaya wanda kai da kanka ka sani game da marigayiyar. Da namiji nake magana, amma macen da za ta je wa ƙawarta gaisuwa za ta bi wannan tsari, sai dai ita cikin gida za ta wuce kai tsaye.

Abubuwan da za ka tanada

Na farko, ka san yadda ake kiran marigayiyar a gidanta: Hajiya ce, ko Inna, ko Umma, ko Mama, ko Iya. Da wannan sunan za ka ambace ta, a baki da a takarda. Kada ka kama sunanta na yanka ko da ka gan shi a sanarwar jana'iza, domin uwar abokinka uwarka ce, kuma shi kansa abokin naka wataƙila bai taɓa furta sunan ba a rayuwarsa. Ka bincika ko mahaifinsa yana da rai, da kuma inda ake zaman makokin, domin wani lokaci a gidan mijinta ake zama, wani lokaci a gidan babban ɗanta ko na yayyenta. Ka kuma san ko gidan na 'yan ɗariƙa ne ko na 'yan Izala, ko kuwa Kiristoci ne, saboda dalilan da za su zo a gaba.

Sutura kuwa, kaftani mai tsabta da hula sun wadatar. Ba wurin kece raini ba ne. Ka sa takalmin da za ka iya cirewa ba tare da ka sunkuya kana kwance igiya ba, tunda a kan tabarma ake zama. Idan a watan Disamba ko Janairu ne, ka ɗauki rigar sanyi, domin wanda ya zauna a ƙofar gida a Jos bayan la'asar cikin hunturu zai fara rawar ɗari kafin ya gama addu'a. Ka tafi da alwala, ka kuma rufe ƙarar wayarka tun kafin ka shiga layin.

Abin da za ka riƙa a hannu ya danganta da ƙarfinka: ledojin ruwa, ko katan ɗin lemo, ko shinkafa, ko buhun dankali, ko kular abinci da aka dafa a gidanku. Asalin wannan yana cikin sunna, domin lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a dafa wa iyalansa abinci, saboda abin da ya shagaltar da su ya zo musu. Idan kuɗi za ka bayar, ka sa su a ambulan. Idan ba ka da ko sisi, ka tafi hakanan. Babu wanda yake duba hannun mai gaisuwar mutuwa, kuma ɗaukar tabarmi da jera kujeru ma gudummawa ce.

Domin rubutu, kana buƙatar farar takarda guda, da biro baƙi ko shuɗi, da ambulan. Idan ta waya za ka aika, ka tabbata allon rubutun wayarka yana da haruffan ƙ da ɗ da ɓ.

Mataki na 1: Da zarar labari ya iso ka

Ka fara da abin da Alƙur'ani ya koyar a aya ta 156 ta Suratul Baƙara: “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.” Sannan ka tabbatar da labarin daga wani ɗan gidan ko maƙwabci kafin ka faɗa wa kowa. Kada ka ɗora hotonta ko sanarwar rasuwarta a waya kafin iyalanta su yi, domin mai yiwuwa akwai 'yarta da take aure a Bauchi ko ɗanta da yake kan hanya daga Abuja, waɗanda ake jiran a samu mai hankali ya sanar da su a tsanake.

Ka kira abokinka sau ɗaya. Idan ya ɗauka, maganar kada ta wuce minti guda: “Yanzu nake jin rasuwar Hajiya. Allah ya ji ƙanta, ya ba ku haƙuri. Ƙarfe nawa ne jana'iza? Ga ni nan tafe.” Idan bai ɗauka ba, kada ka jera masa kira, yana can yana neman likkafani da masu haƙar kabari. Ka tambayi ƙanensa ko maƙwabcinsa lokacin sallar.

Mataki na 2: Wurin jana'iza

A nan magana kaɗan ake yi. Ka yi salla, ka raka gawa makabarta, ko ta titin Zariya ce ko wata, ka sa hannu a ɗaukar makara da miƙa ƙasa idan wuri ya ba ka. Bayan an rufe ta, ka kama hannun abokinka ka ce, “Allah ya gafarta mata, ya ba ta ikon amsa tambaya,” ka sake shi, domin akwai mutane da yawa a bayanka. Cikakkiyar gaisuwa sai an koma gida.

Mataki na 3: Gaisuwar a ƙofar gida

Yawanci kwana uku ake zaman karɓar gaisuwa, maza a ƙofar gida ko a ƙarƙashin rumfa, mata a ciki. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da hantsi, ko tsakanin la'asar da magariba. Kada ka daidaici lokacin cin abinci da gangan, kada kuma ka kai dare.

Idan ka isa, ka yi sallama da murya matsakaiciya, ka cire takalmi, ka durƙusa. Kuskuren da samari suka fi yi shi ne su nufi abokinsu kai tsaye, su tsallake dattawan da suke zaune. Ka fara da babba: mahaifinsa idan yana wurin, sai kawunnansa, wato 'yan'uwan marigayiyar, waɗanda su ma 'yar'uwa suka rasa, sai yayyensa, sannan shi. Idan taron ya yi yawa har ba za ka iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba, ka fuskanci babbansu ka yi gaisuwar da jam'i, kowa zai amsa.

Gaisuwar mutuwa ba ta soke gaisuwar yau da kullum, a kanta ake ɗora ta. Ga yadda take tafiya tsakanin mai zuwa da mahaifin abokinsa:

“Baba, ina wuni?”

“Lafiya lau.”

“Ya muka ji da haƙuri?”

“Haƙuri da godiya.”

“Ashe Hajiya lokaci ya yi.”

“Wallahi, Allah ya karɓi abarsa.”

“Allah ya ji ƙanta, ya gafarta mata, ya sa Aljanna ce makomarta.”

“Amin, amin.”

“Allah ya haskaka kabarinta, ya albarkaci bayanta, ya ba ku haƙurin rashinta. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.”

“Amin. Mun gode, Allah ya ba da lada.”

Ka lura da jerin addu'ar, domin ba a banza aka jera ta haka ba: ana farawa da mamaciya, a biyo da waɗanda ta bari, a rufe da mu duka. Idan ka riƙe wannan tsari, ko da kalmomin sun kuɓuce maka za ka samu madadinsu. A gurbin na farko kana iya cewa “Allah ya sa ta huta” ko “Allah ya kai rahama kabarinta”, a na biyu, “Allah ya ba ku dangana” ko “Allah ya haɗa kanku”, a na uku, “Allah ya kyautata namu zuwan.” Ka riƙa dakatawa bayan kowace gaɓa domin a samu damar cewa amin. Wanda ya zubo addu'o'i goma a numfashi ɗaya kamar mai biya hadda ya hana mutane amsawa, kuma ana gane cewa sauri yake yi ya sauke nauyi.

Ka kula da kalmar “muka” a cikin “ya muka ji da haƙuri”. Ta fi “ya kuka ji” daɗi a bakin aboki, domin tana nuna rashin ya shafe ka. Idan wannan zuwanka na biyu ne, sai ka ce, “Ya ƙarin haƙuri?” Sannan ba a cewa “ta mutu” a gaban 'ya'yanta, “ta rasu” ake cewa, ko “Allah ya yi mata rasuwa”, ko “ta riga mu gidan gaskiya”.

Mataki na 4: Addu'ar taro

A nan ne sanin gidan yake da amfani, musamman a Jos, garin da aka kafa ƙungiyar Izala a 1978, inda za ka tarar da gida biyu suna jingine da katanga ɗaya amma tsarin makokinsu ya bambanta. A gidajen 'yan ɗariƙa da na gargajiya, idan baƙi suka zauna, babbansu ko malamin da yake wurin yakan ce a yi salati ga Annabi, a karanta Ƙulhuwallahu, a ɗaga hannu a yi addu'a, a shafa Fatiha, kuma akan yi sadakar uku, wasu har da ta bakwai da ta arba'in. A gidajen 'yan Izala ba a yin wannan. Mai gaisuwa yakan yi wa mamaciya addu'a da baki, a amsa masa, shi ke nan.

Shawarata ita ce ka bi tsarin masu gida gwargwadon abin da zuciyarka ta yarda da shi, abin da ba ka yarda da shi ba kuma ka yi shiru. Kada ka ce “a yi Fatiha” a gidan da ba a yi, kada kuma ka zauna kana kawo hujjar bidi'a a gidan da ake yi. Na taɓa ganin samari biyu sun ɗaga murya a kan sadakar uku a gaban mutumin da ya binne uwarsa da safiyar ranar, har sai da wani dattijo ya tashe su daga tabarma. Mas'alar tana da malamanta da wurin tattauna ta. Idan kai ne ƙarami a cikin waɗanda kuka zo tare, ba kai ne mai jan addu'a ba.

Idan kana son ka yi da Larabci, lafazin da ya fi inganci shi ne saƙon da Manzon Allah (SAW) ya aika wa 'yarsa lokacin da ɗanta yake gargara, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Usama ɗan Zaidu: “Inna lillahi ma akhaza, wa lahu ma a'aɗa, wa kullu shai'in indahu bi ajalin musamma,” sannan ya ce ta yi haƙuri ta nemi lada. Ma'anarsa ita ce abin da Allah ya karɓa nasa ne, abin da ya bayar ma nasa ne, kuma kowane abu a wurinsa yana da ajali ambatacce. Ga gargaɗi guda: yawancinmu mun haddace addu'ar mamaci ne da lamirin namiji, “Allahummagfir lahu warhamhu”. Ga mace, “Allahummagfir laha warhamha” ake cewa. Idan ba ka da tabbacin za ka iya juya lamirin har ƙarshe, ka yi da Hausa, Allah yana ji.

Mataki na 5: Maganarka da abokinka

Duk abin da ya gabata kowa ma yana faɗinsa, kuma abokinka zai ji shi daga bakin ɗaruruwan mutane cikin kwana uku. Ba aibu ba ne. Maimaicin kansa yana sanyaya zuciya. Amma kai aboki ne, akwai abin da ake jira daga wurinka wanda maƙwabcin shago ba zai kawo ba. Idan taro ya ɗan lafa, ka matsa kusa da shi, ka sassauta murya, ka faɗi abu guda na gaskiya da ka sani game da ita.

Bambancin yana nan: “Hajiya mutuniyar kirki ce” magana ce da za a iya faɗa a kan kowa. Amma idan ka ce, “Ba zan manta ba, lokacin da muke makarantar sakandare, duk ranar da na biyo ka gida sai ta zuba mini kunun gyaɗa a babban kofin nan na silba, ta ce ba zan fita da yunwa ba,” ka mayar masa da uwarsa na ɗan lokaci. A makokin mahaifiyata, na manta fuskokin yawancin waɗanda suka zo, amma ban manta wani tela da ya ce mini shekara da shekaru idan ta kawo ɗinkin salla takan haɗa da yadin wani maraya a layinmu, ta ce kada ya faɗa wa kowa. Ni ɗanta ban sani ba sai a ranar.

Idan ba ka taɓa ganinta ba, kamar yadda yakan faru ga abokan aiki, kada ka ƙirƙiro. Ka ce, “Allah bai yi na san Hajiya ba, amma na ga tarbiyyarta a jikinka.” Idan ya fara ba da labarinta, ka saurara, kada ka katse shi da labarin rasuwar taka kakar. Idan ya yi hawaye, kada ka ce masa “haba, kai fa namiji ne”. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi. Ka dafa kafaɗarsa, ka yi shiru har ya natsu.

Akwai maganganun da ake yi da kyakkyawar niyya amma suna ciwo. Mafi muninsu ita ce mai farawa da “da”: da an kai ta asibiti da wuri, da an canja likita, da ka dawo a makon jiya. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure ina saurayi, na ce wa wani abokina da sun kai ta babban asibiti wataƙila da an dace. Yana riƙe da kofin shayi, ya ajiye shi a ƙasa, bai sake ɗauka ba har na tashi, kuma daga baya na ji cewa kuɗin motar kai ta ne suka yi kwana biyu suna nema. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce “da” tana buɗe aikin Shaiɗan. Haka nan kada ka yi ta tonon ciwon da ya yi ajalinta, tambaya ɗaya, “Ta yi jinya ne?”, ta isa, idan ya taƙaita amsa kai ma ka bar ta. Kada ka ce “ai ta tsufa, ta ci zamaninta”, domin babu ɗan da uwarsa take tsufa a idonsa har ya gaji da ita. Maganar gado, da siyasa, da ƙwallo, da bashin da kake bin sa, duk ka bar su a gida. Amma idan marigayiyar ce kake bi bashi ko take bin ka, wannan wajibi ne a faɗa, sai dai a keɓe, ga babban ɗanta.

Mataki na 6: Cikin gida da sallama

Idan ka saba shiga gidan tun tana da rai, ya kamata ka gai da mata: 'ya'yanta, da 'yan'uwanta, da abokiyar zamanta idan akwai. Ka nemi yaro ya yi maka iso, ka tsaya daga bakin ƙofa, ka durƙusa, ka yi gaisuwar nan da jam'i, ka fito. A nan ake miƙa kayan abinci. Ambulan kuwa a hannun abokinka za ka sa shi lokacin da ya taka maka, ba a gaban jama'a ba, ka ce, “Ga wannan a sayi ruwa.”

Baƙo na nesa minti goma zuwa sha biyar ya ishe shi. Aboki na kusa yana iya wuni, amma idan zai wuni to ya zama mai aiki, yana tarbar baƙi yana zuba ruwa a buta. Da za ka tashi ka ce, “Za mu koma. Allah ya ƙara haƙuri, ya ji ƙan Hajiya.” Za a ce maka, “Allah ya ba da lada, a gai da gida.”

Mataki na 7: Ta'aziyya a rubuce

Rubutu ba ya maye gurbin zuwa ga wanda yake cikin gari. Wanda yake Rikkos ya aika saƙon waya zuwa Anguwan Rogo ya tsaya a nan, ya yi abin kunya. Rubutu na wanda yake nesa ne, ko wanda ya je amma taro bai bar shi ya faɗi abin da yake ransa ba.

Bari mu ɗauki misali. Kana aiki a Abuja, mahaifiyar abokinka ta rasu a Jos da asubahin Talata, aka yi jana'iza da hantsi. Ko da ka kama hanyar Keffi da Akwanga a lokacin da ka ji, da wuya ka hau Hawan Kibo kafin a rufe ta, kuma wurin aiki ba za su sake ka ba sai Juma'a. Abin da za ka yi shi ne ka kira a ranar, ka aika gajeren saƙo da dare, sannan ka rubuta takarda ka ba wanda zai tafi ranar Laraba. Saƙon wayar ya zama kamar haka: “Assalamu alaikum. Ya muka ji da haƙurin rashin Hajiya? Allah ya ji ƙanta, ya gafarta mata, ya ba ku haƙuri. Ina nan tafe ranar Asabar in Allah ya yarda. Ba sai ka amsa ba.” Jimlar ƙarshe tana da amfani, domin wayarsa cike take da saƙonnin da yake jin nauyin rashin amsa su.

Takardar kuwa tana da gaɓoɓi biyar: sallama, da yadda labari ya iso ka, da addu'a, da abin da ka sani game da ita, da abin da za ka yi. Ga yadda zan rubuta ta:

“Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗan'uwana, da safiyar jiya Talata na samu labarin rasuwar Hajiya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na so a ce da ni aka raka ta, Allah bai nufa ba.

Allah ya ji ƙanta, ya gafarta mata, ya yalwata kabarinta, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Allah ya ba ka haƙuri, kai da Baba da sauran 'yan'uwa.

Wannan rashi namu ne duka. Shekarar da mahaifina ya kwanta jinya, Hajiya ce take aiko mana da tuwo kowane dare har ya tashi, ba ta taɓa bari an yi mata godiya ba. Har na bar Jos ba ta daina kirana ɗanta ba.

Zan iso ranar Asabar da hantsi in Allah ya yarda, kuma zan kwana biyu. Ka miƙa gaisuwata ga Baba da su Kawu kafin na zo.

Allah ya sa mu cika da imani.

Naka,”

sai ka sa sunanka da kwanan wata.

Ka lura ba ta cika shafi ɗaya ba, kuma babu wa'azi a cikinta. Abokinka ya san ayoyin haƙuri, malamai suna karanta masa su tun jiya. Ka lura kuma da alkawarin da yake ciki: rana ce takamaimai. “Idan kana buƙatar wani abu ka faɗa mini” ba ta da amfani, domin Bahaushe mai makoki ba zai buɗe baki ya roƙa ba. Ka ambaci abin da za ka iya, kuma kada ka rubuta ranar da ba za ka cika ba.

Wajen rubutun kansa, ka kiyaye ƙugiyar haruffa. Asalin addu'ar shi ne “Allah ya ji ƙanta”, daga jin ƙai, wasu kuma suna haɗe ta su rubuta “jiƙanta”. Idan ka yar da ƙugiyar ka rubuta “jikanta”, ka koma maganar ɗan ɗanta. Za a gane nufinka, amma takardar da za a adana ta cancanci a rubuta ta daidai. Idan wayarka ba ta da haruffan, ka zaɓi lafazin da ba ya buƙatarsu, kamar “Allah ya gafarta mata, ya yi mata rahama”. Kada ka taƙaita kalmomi, kada ka sa hotunan fuskoki masu kuka, kada ka turo masa dogon saƙon da aka yi ta yaɗawa wanda ya riga ya samu daga mutum goma. Ta'aziyyar da ka jefa a zauren tsofaffin ɗalibai kuma ba ta sauke maka ta kai da shi ba. Ka rubuta da hannunka ko da rubutun ba shi da kyau, ka karanta a bayyane sau ɗaya kafin ka rufe ambulan. Duk jimlar da ka ji ba za ka iya faɗa masa ido da ido ba, ka cire ta.

Mataki na 8: Idan abokin Kirista ne

A Jos wannan ba baƙon abu ba ne, domin Hausa ce harshen kasuwa da na coci-coci da yawa, irin su COCIN da ECWA waɗanda hedkwatocinsu suke cikin garin. Bambanci na farko shi ne lokaci: sau da yawa ba a binnewa a ranar, akan ajiye gawa kwanaki ko makonni har dangi su taru, kuma akan kai ta ƙauyensu. Saboda haka kada ka jira jana'iza. Ka je gida a kwanakin farko. Lafazin da suka saba da shi shi ne “Sannu da haƙuri” da “Allah ya ta'azantar da ku”. Musulmi yana iya cewa, “Sannunku da wannan babban rashi. Allah ya ba ku haƙuri da ƙarfin zuciya, ya albarkaci abin da Mama ta bari,” wato ya karkata addu'arsa ga masu rai, ya kuma faɗi alherin da ya sani game da ita. Ba wurin muhawarar addini ba ne, ko da wasa. Kiristan da zai je gidan Musulmi kuma ya sani cewa idan ya yi jinkirin awa kaɗan zai tarar an dawo daga makabarta, kuma “ya muka ji da haƙuri, Allah ya ba ku haƙuri” ta wadatar masa.

Mataki na 9: Bayan an naɗe tabarmi

Malamai da yawa sun ƙi a yi ta sabunta ta'aziyya bayan kwana uku, sai ga wanda ba ya gari ko bai ji ba. Idan ka makara, ka je duk da haka, ka fara da ba da haƙuri: “Ban samu labari da wuri ba,” ko “Ina kan tafiya ne.” Kada kunyar makara ta sa ka fasa gaba ɗaya, har ku haɗu a kasuwar Taminus bayan wata shida kana sunkuyar da kai.

Kai da ka je tun farko, komawarka a mako na biyu ko na uku ba sabuwar ta'aziyya ba ce, ziyara ce, kuma a lokacin ne ya fi buƙatarka. 'Yan Bauchi da 'yan Kano sun koma, an mayar da kujerun haya, ya shiga ɗakinta ya tarar da carbinta a rataye a ƙusa da takalminta a bakin ƙofa. A wannan zuwan ba sai ka jero addu'o'in nan ba. “Ya ƙarin haƙuri?” ta isa, sannan ka bar shi ya ja hirar inda yake so. Idan ya ce yana jin bai yi mata abin da ya kamata ba, a nan ne za ka tuna masa hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, cewa idan mutum ya rasu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ka tambaye shi ko akwai ƙawayenta da take ziyarta, ko wani da take ciyarwa a ɓoye, ka ce za ka raka shi ku gai da su. Ka kuma rubuta a wayarka ka kira shi a daren farko na azumi da safiyar ƙaramar salla, domin a ranakun nan ne zai ɗauki waya zai kira ta kamar yadda ya saba.